Zagayowar ranar aure ga masu ƙananan yara: a gida, a waje, ko kwana ɗaya a otal?

An ɗaura mana aure a watan Mayun 2016, cikin Sha'aban, kamar yadda Kanawa da yawa ke gaggauta biki kafin azumi ya kama. Yaranmu uku. Ni ɗinki nake yi a shagon da ke ƙofar gidanmu a Sharaɗa, maigidana kuma yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya fita da hantsi sai bayan magariba. Duk wanda ya san waɗannan sana'o'i biyu ya san ba mu da Asabar, ba mu da Lahadi. A cikin shekarun nan mun gwada kusan duk hanyoyin da ake bi don tuna ranar aure, wasu sun yi daɗi, wasu mun dawo gida da gajiya da ɓacin rai. Abin da na fahimta daga baya shi ne ba kuɗi ne ke raba su ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu guda ɗaya ne: a cikin shirin nan, minti nawa za su rage mana mu biyu, idonmu biyu, babu yaro a cinya, babu mai jiran kiran waya? Idan kika cire lokacin shirya yara, da zaman gosulo, da jiran abinci, da wanke-wanke, abin da ya saura shi ne ainihin bikin. Abu biyu ne kuma ke yanke yawan wannan saura: shekarun ƙaramin yaronku, da wanda zai riƙe muku su. Duk sauran abubuwa, wurin zuwa da abin ci da kyauta, a bayan waɗannan biyun suke.

Fita da yaran gaba ɗaya

Wannan ita ce hanyar da kowa ke fara tunawa, don ba ta buƙatar roƙon kowa. A yi wa yara wanka, a sa musu kaya masu kyau, a tafi Gidan Zu ko katafaren kantin Ado Bayero da ke kan titin, a sha ayis kirim, a ɗauki hoto. Yara suna murna, kuma babu laifi a ciki. Amma idan an auna ta da ma'aunin da na faɗa, kusan babu abin da ke ragewa. Mun yi ta a shekararmu ta 6. Awa ɗaya da rabi na ɓata wajen shiri, muka yi awa biyu a waje, kuma ban tuna mun yi magana uku a jere ba tare da wani ya ce yana jin fitsari ko ya zubar da lemo ba. Shi yana bin babbar, ni ina saɓe da ƙaramin.

Ina ganin ta dace a wuri ɗaya kawai: idan ba ku da mai riƙo kwata-kwata, kamar ma'auratan da aiki ya kai Abuja ko Legas nesa da dangi. Ko a nan ɗin ma, ku ɗauke ta a matsayin ranar iyali, ku yi ta bayan la'asar don yara su gaji, sannan ku haɗa ta da hanya ta biyu, wato zaman gida bayan yara sun yi barci, a daren. Gajiyar da suka kwaso a waje ita za ta kwantar muku da su da wuri.

Dare a gida bayan yara sun yi barci

Ita ce mafi arha, kuma ita kaɗai ce ke yiwuwa ga mai jego ko mai jaririn da bai kai wata 3 ba. Ita ce kuma ta fi saurin lalacewa, don mutane suna ɗauka ba ta buƙatar shiri tunda a gida ake. Shirinta tun safe yake farawa.

Abu na farko shi ne barcin rana. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Wannan jimla ce. Idan ya cinye awa uku da rana, ya farka bayan la'asar sakaliya, kada ki sa ran zai kwanta ƙarfe 8. Don haka ranar nan ki kwantar da shi da wuri bayan azahar, ki tashe shi kafin ƙarfe 3. Amma kada ki hana shi barcin gaba ɗaya da tunanin zai fi saurin kwanciya. Na taɓa yin haka, yaron ya ɓingire ƙarfe 6 a kan tabarma, ya tashi ƙarfe 9 garau yana neman abinci da wasa. Garin neman gira muka rasa ido.

Na biyu, girki. Matar da ta yini a kicin tana soya kaza da haɗa salat da yin kek, ta zo ta yi wa yara uku wanka, ba za ta kai ƙarfe 9:30 idonta biyu ba. Wannan shi ne abin da ya fi kashe daren gida, ba kukan yara ba. Mafita ita ce a raba aikin: ke ki dafa wa yara abin da suka saba ci, taliya ko shinkafa da wake, su ci kafin isha'i; shi kuma ya taho da abincinku a hanyarsa ta dawowa, balangu ko gasasshiyar kaza ko tsire da gurasa. Idan kina son ki sa hannunki a wani abu, ki zaɓi wanda ake yi tun jiya a ajiye, kamar zoɓo ko kunun aya, in dai akwai wuta ko ƙanƙara, don kunun aya ba ya jure zafi, cikin 'yan awoyi yake tsami.

Na uku, wuri. Kada ku zauna inda kuka saba zama, don jiki yana bin sabo. Idan kuka zauna a kujerar falo gaban talabijin, shi zai ɗauki waya, ke za ki fara ninke wanki. Ku shimfiɗa darduma a tsakar gida ko a baranda idan ba damina ba ce, ku bar ƙofar ɗakin yara a ɗan buɗe yadda za ku ji motsi. Ki caza fitila da fanka tun rana, don ba a dogara da wutar nefa a irin wannan dare. Kyandir yana da kyau a hoto, amma gidan da yaro zai iya farkowa ya fito da gudu, ko kusa da gidan sauro, ban yarda da shi ba. Turaren wuta kuma ki sa shi a inda za ku zauna, ki fitar da kaskon kafin ku kwanta, ba a ɗakin da jariri ke numfashi ba.

Idan komai ya tafi daidai, yara sun kwanta 8:30, kun zauna 9, kun kai 10:30. Minti 90 ke nan, kuma ba ku kashe kuɗin da ya wuce na nama ba. Rauninta shi ne waɗannan mintunan na ƙarshen yini ne, lokacin da ƙarfinku ya riga ya ƙare. Ga kuma abin da ba a iko da shi: yaro mai haƙori, baƙon da ya yi sallama bayan isha'i, ko gidan haya na tarayya da tsakar gidan ba taku kaɗai ba ce. Idan a gidan gandu kuke zaune tare da surukai da faccaloli, wannan hanyar sai dai a cikin ɗaki, kuma nan ne na fi ba da shawarar a duba hanya ta uku, wato fita a bar yara a hannun wani.

Fita ta awa biyu zuwa uku, yara a hannun wani

A nan zan daɗe, don ita ce na fi yarda da ita, kuma ita ce ke da ƙananan abubuwa da yawa da ke iya gyara ta ko ɓata ta.

Tambaya ta farko: a kai yaran, ko mai riƙon ta zo? Da farko mu kai su muke yi wajen Hajiyarmu a Gwammaja. Bari in lissafa miki yadda lokacin yake tafiya. Haɗa jaka da shirya yara, minti 40. Hanya daga Sharaɗa da yamma, wajen minti 35 idan gosulo bai yi tsanani ba. Ba za ki ajiye yara a ƙofa ki juya ba, sai kin shiga kin gaida Hajiya, kin gaida na sashen baya, shi ma ya durƙusa ya gaida surukarsa, minti 20 a ƙalla. Sai tafiya wurin cin abinci, sai jiran a kawo, sai dawowa ɗaukar yara da wata sallamar, sai komawa gida da yaran da suka yi barci a mota za su farka a ƙofar gida. Mun bar gida 4:30, mun dawo 9:30. Awa biyar, amma zamanmu mu biyu bai wuce minti 70 ba.

Da muka juya abin, ƙanwata ta riƙa zuwa gidanmu, sai lissafin ya canja gaba ɗaya. Babu haɗa jaka, babu hanya biyu, yara suna cikin ɗakinsu da kayan wasansu da kofin da suka saba sha da shi. Kuɗin Adaidaita Sahunta zuwa da komawa da ɗan abin da za ki damƙa mata bai kai man da za ku ƙona ba. Fitar awa biyu da rabi tana ba da kusan awa biyu cif, don ko zaman mota ku biyu ne, hira ce. Don haka idan da hali, mai riƙo ta zo.

Wace ce mai riƙon? Wadda yaran suka sani, wadda ta taɓa canja wa ƙaramin famfas, wadda ta kai hankalin da za ta iya yanke shawara idan wani abu ya faru. Ban yarda a bar wa yarinya 'yar shekara 11 ko 12 jariri da wasu yara biyu ba, ko da kuwa tana taya ki aiki kullum kina gida. Taya aiki daban, riƙon gida daban. Kafin ku fita ki rufe gas daga tukunya, ki kife bokitai ko ki rufe randar ruwa, ki ɗauke kalanzir da magunguna zuwa sama. Ki bar mata lambarku biyu da ta maƙwabciyar da za ta iya shigowa cikin minti biyu, ki tabbatar wayarta na da caji da kati. Ki gaya mata a fili abin da zai sa ta kira nan take: zafin jiki, amai fiye da sau ɗaya, faɗuwa a kai, numfashi da ƙyar. Kukan minti goma ba ya cikinsu. Idan ba ki faɗi wannan ba, ko dai ta kira ki sau biyar, ko kunya ta hana ta kira lokacin da ya kamata.

Shekarun yaron suna canja komai a nan. Jaririn da bai kai wata 6 ba, wanda nono zalla yake sha, yakan nema duk bayan awa 2 zuwa 3, don haka fitarki ba za ta wuce tsakanin sha biyu ba sai idan kin tatsa. Nonon da aka tatsa a kofi mai tsabta mai murfi yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, a firjin da wutarsa ba ta yankewa kuma har kwana 4. A zafin Afrilu da Mayu na Kano kada ki jira awa huɗun nan. Ki tatsa dab da fita, a sa kofin cikin kula da ƙanƙara. Ki gwada ba shi a kofi ko cokali kwana biyu ko uku kafin ranar, kuma wani ya ba shi ba ke ba, don yaro da yawa ba ya karɓa daga hannun uwa yana jin ƙamshin nonon a jikinta. Ki kuma ja kunnen mai riƙo, ko da Hajiya ce, cikin ladabi: kada a ba shi ruwa ko zuma don a lallashe shi. Zuma ba ta dace da yaron da bai cika shekara ba.

Abin mamaki, jaririn wata 4 ya fi ɗan shekara ɗaya sauƙin bari. Daga wajen wata 7 ko 8 yaro yake fara ƙiwa, ta yi tsanani tsakanin wata 10 da 18. A wannan tsakanin kada ki kawo masa baƙuwar fuska ranar fita. Mai riƙon ta iso minti 30 kafin ku tashi, ta zauna da shi kina nan. In za ki fita ki yi masa sallama gajeriya ki tafi. Sulalewa a ɓoye tana rage kuka a lokacin, amma tana koya masa cewa kina iya ɓacewa ba sanarwa, sai ya riƙa maƙale miki kwanaki bayan nan.

Sai maganar kunya, wadda na san tana hana mata da yawa. Ba kowa ce za ta iya kallon surukarta ta ce za mu fita shaƙatawa ba. Ba sai kin yi dogon bayani ba. "Hajiya, za mu ɗan fita unguwa ni da Abbansu, ba za mu wuce awa biyu ba" ya isa, kuma gaskiya ce. In kin dawo ki riƙo mata tsaraba, ko 'ya'yan itace ne, kuma ku dawo a lokacin da kuka faɗa. Wadda aka ce wa awa biyu aka yi mata huɗu, baɗi za ta ce tana da uzuri.

Yanzu lokacin fitar. Kowa dare yake tunani, ni kuwa na daina. Tsakanin magariba da isha'i lokaci ne gajere, kuma shi ne lokacin da yara suka fi rigima: yunwa, wanka, barci. Kin bar wa ƙanwarki mafi wahalar sa'o'in yini ke nan. Gidajen abinci a cike suke, titi a cushe. Idan ba ku da abin hawa, ku tuna tun 2022 gwamnatin Kano ta kafa dokar hana Adaidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare, ita ma mai riƙon sai ta kwana ko a mai da ita gida. Hantsin ranar aiki ya fi ta kowace fuska. Manyan yaran suna makaranta, wato an riga an riƙe muku su ba tare da roƙo ba. Saura ƙaramin kaɗai, shi ma da safe ya fi daɗin rai. Ku kuma ƙarfinku na nan, ba ragowar yini kuke ba juna ba. Abin da za ku biya shi ne awa biyu na aiki. Ga mai shago ko mai sana'ar hannu wannan mai sauƙi ne. Ga ma'aikaci sai ya nemi izinin rabin yini tun mako guda kafin nan. Ga malamar makaranta kuwa sai a jira hutu ko safiyar Asabar lokacin da yara ke Islamiyya. In Asabar ce, a duba kada ta zama ta ƙarshen wata, don ranar tsaftar muhalli ba a fita da sassafe sai ƙarfe 10.

Ga yadda tamu ta kasance a 2025. Wata Talata ce a farkon Fabrairu, babbar tana da shekara 7, na tsakiya 3 da rabi, auta wata 8. Ƙanwata ta kwana a gidan tun Litinin. Ƙarfe 7:20 maigidana ya kai biyun makaranta ya dawo. Na shayar da auta 8:15, na dama masa kunu na bari a fulas. Maigidan ya kira yaron shagonsa ya ce ya buɗe, zai iso 11:30. Ni kuma tun ranar Lahadi na gaya wa masu karɓar ɗinki su zo bayan azahar. Muka fita 8:45, muka je wani gidan abinci da bai fi minti 12 daga gida ba, muka ci waina da farfesu muka sha shayi. Tebur biyu ne kawai ke da mutane. Wayoyinmu suna jaka, tawa na sa mata ƙara ga lambar ƙanwata kaɗai. Ta kira sau ɗaya, 10:10, ta ce ya ƙi kunun. Na ce ta goya shi ta zaga tsakar gida, ya yi barci. Muka dawo 11. Awa biyu da kwata, kuma kusan dukansu namu ne. A zaman nan ne ya gaya mini wata damuwar bashi ta kasuwa da ya ɗauke shi kaɗai wata uku, wadda da dare, a gajiye, da ba zai buɗe bakinsa ba.

Wuri ɗaya muka je, kuma da gangan. Kowane wuri na biyu yana cin minti 30 a hanya da neman wurin ajiye mota. Amma na san akwai ma'auratan da zama fuska da fuska a tebur yake musu nauyi, bakinsu ya fi buɗewa idan suna tafiya. Irin waɗannan su zaɓi wurin zagayawa maimakon wurin ci, kamar Gidan Makama da ke kusa da fadar Sarki, tsohon ginin da ake danganta shi da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda yanzu gidan tarihi ne. Mutum zai haihu a Kano ya tsufa bai taɓa shiga ba, kuma abubuwan da ke ciki da kansu suke kawo abin hira.

Kwana ɗaya a otal

Ita ce ta fi kowacce yawan lokaci. Yawancin otal suna ba da ɗaki wajen ƙarfe 2 na rana, a fita ƙarfe 12 na washegari. Ko kun shiga bayan la'asar, kuna da yamma da dare da safiya, ga barcin da ba wanda zai katse, wanda ga uwar ƙananan yara shi kansa kyauta ce. Ita ce kuma mafi tsada, nesa ba kusa ba, don kuɗin ɗaki ɗaya mai kyau zai iya ɗaukar fitar hantsi sau uku ko huɗu.

Sharaɗinta mai tsauri ne: ƙaramin yaronku ya zama an yaye shi, ya kuma taɓa kwana wajen wanda za a bar wa shi. Ba ranar ce za ta zama gwajin farko ba. Mun yi ta sau biyu. Ta farko babbar tana da wata 14, ba a yaye ta ba. Ƙarfe 1 na dare Hajiya ta kira, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, ni kuma ƙirjina ya cika yana zafi. Ƙarfe 2 muna kan hanya, kuɗin ɗakin ya tafi. Ta biyu kuwa, shekara biyu bayan nan, ta saba kwana gidan kakarta, lafiya lau muka yi. Bambancin ba otal ɗin ba ne, yarinyar ce.

Idan za ku yi, ku zauna cikin gari, inda minti 20 zai kai ku wajen yaran. Tiga da makamantanta suna da daɗin ido, amma tafiyar sama da awa ɗaya ce, kuma ba hanyar da za ki so bi da tsakar dare ba ce idan yaro ya yi zazzaɓi. Kafin ku biya, shi ya je ya ga ɗakin da idonsa, ya tambayi ko janareta na kaiwa asuba ko ana kashe shi da tsakar dare, ko akwai ruwa a banɗaki, kuma ko akwai taron biki a zauren wurin a daren. Kun gudo daga hayaniyar yara, bai kamata ku kwana da kiɗan dina ba.

Walima, anko da hoton sitidiyo

A matsayina na tela, ni nake ɗinka irin waɗannan kaya, don haka na san abin da ke bayan hoton. Zuwa kasuwa, awo, jiran ɗinki, lalle, kwalliya, kek, sannan awa biyu ana lallashin yara su kalli kyamara. Idan kuma aka gayyaci mutane, ke ce mai masaukin baƙi, shi yana waje da abokansa. Mintunanku biyu a nan babu. Ki ajiye ta sai shekara ta 10 ko ta 20, ko lokacin da yaran suka isa taya aiki. In hoton ne ke ranki, a ɗauka ranar Sallah da kowa ya riga ya yi ado.

Wace rana, kuma wacce za ki zaɓa

Muna da sa'ar da ba kowa ya lura da ita ba: ranar aurenmu biyu ce. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa aurenmu na Mayu, a lissafin Sha'aban, ya koma Fabrairu a 2025. Sai ku duba wacce ta fi sauƙi a wannan shekarar. Mu mun ɗauki Fabrairu don gari bai yi zafi ba, kuma ɗinkin Sallah bai taso ba tukuna. Tsakiyar Mayu kuwa ya faɗo a gaban Babbar Sallah, lokacin da daga ni har shi ba mai iya ɗaga kai. Idan ranar ta faɗo cikin azumi, ku matsar da ita bayan Sallah. Idan gidan mai mata fiye da ɗaya ne, a yi ta a ranar girkin mai ita, ko da an matsa da kwana biyu. Shiga kwanan wata don ranar aure ba abin da zai haifar sai rigima. Akwai kuma gidajen da ba su son a kira abin biki ko a ware masa rana saboda fahimtarsu ta addini. Wannan ba ya hana miji ya fita da matarsa ko ya zauna hira da ita. Ku cire sunan, ku zaɓi duk ranar da ta yi muku.

Idan jaririnku bai kai wata 3 ba, ku zauna gida, shi ya sayo abinci, kuma ku amince ko minti 45 kuka samu. Daga wata 3 har zuwa yaye, fitar hantsi, mai riƙo ta zo gida, wuri ɗaya, kusa. Idan an yaye ƙaramin kuma ya saba da gidan kaka, aljihu ya yarda, otal ya cancanci kuɗinsa; in bai yarda ba, ku kai yaran su kwana can ku dawo gidanku, don gidan da babu yara a cikinsa dare ɗaya ya ba ku kusan duk abin da otal zai bayar. Wannan ita muke shirin yi idan an yaye auta. Na riga na fara kai shi Gwammaja duk Juma'a ta biyu, in bar shi daga azahar zuwa la'asar, ina ƙara rabin awa kowane zuwa.